Waɗanne ayoyi zan fara koya wa ƙaramar 'yata?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da yarinya 'yar shekara huɗu ba wata biyu. Bakinta ya buɗe sosai, duk abin da ta ji sai ta maimaita. Ina so in fara mata Alƙur'ani a gida kafin ta shiga makaranta. Mahaifinta ya ce Fatiha, kakarta ta ce Ayatul Kursiyyu saboda tsari, ni kuma na ga Ƙulhuwa ta fi sauƙi. Da wanne zan fara, kuma nawa zan riƙa ba ta a rana?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya miki ita, 'yar'uwa, ya sa Alƙur'ani ya zauna a ƙirjinta.

Ki fara mata da Ƙulhuwa, sannan Nasi, sannan Falaƙi. A duk tsawon wannan lokaci ki riƙa karanta Fatiha a gabanta kullum ba tare da kin ce ta maimaita ba, har sai ta kammala waɗannan ukun, sannan ki kama mata Fatihar aya-aya. Ayatul Kursiyyu kuma ke za ki riƙa karanta mata ita da dare, haddarta ta jira zuwa shekara biyar ko shida. Wannan jerin ba nassi ba ne. Babu aya ko ingantaccen hadisi da ya ce lallai a fara wa yaro da sura kaza. Abin da na gani ne a shekarun da na yi ina karantar da ƙananan yara, kuma akwai malamai da yawa da suke farawa da Fatiha kai tsaye, ba su yi kuskure ba. Bari in faɗa miki dalilaina, ki auna su da yarinyar da ke gabanki, don ke kike jin bakinta, ni ban ji ba.

Abin da magabata suka bari

Bukhari ya ƙulla babi a kan koyar da yara Alƙur'ani, ya kawo maganar Abdullahi ɗan Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya rasu yana da shekara goma, alhali ya riga ya karance Muhkam, wato Mufassal, surorin nan na ƙarshen Alƙur'ani da suka fara daga wajen Hujurati ko Ƙaf zuwa Nasi. Ke nan tun zamanin sahabbai ta ƙarshen littafin yaro yake shiga. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya faɗa a littafinsa Attibyan cewa koyar da yara daga ƙarshen Mus'hafi a yo baya abu ne mai kyau, saboda sauƙin haddar da ke cikinsa. Abin da aka hana shi ne a juya ayoyin sura guda, a fara daga ayar ƙarshe a komo ta farko.

Game da shekaru kuwa, an samu daga Sa'idu ɗan Jubairu da Ibrahim Annakha'i cewa ba sa son a ɗora wa yaro karatu kafin ya yi wayo, don gudun kada ya gundura da shi. Ibnu Hajar ya kawo wannan a Fathul Bari, ya ce abin ya danganta da yaro, wani ba kamar wani ba. Ni ma a nan na tsaya. 'Yar shekara huɗu mai maimaita duk abin da ta ji ta isa a fara mata, amma ba ta isa a zaunar da ita rabin sa'a ba. Ki tuna kuma umarnin salla sai a shekara bakwai ya zo, kamar yadda yake a hadisin Abu Dawuda. Kina da shekara uku cur kafin Fatiha ta zama abin buƙata a sallarta, don haka babu abin gaggawa.

Me ya sa Ƙulhuwa kafin Fatiha

Mahaifinta yana da hujja mai ƙarfi. Hadisin Ubada ɗan Samit a Bukhari da Muslim ya ce babu salla ga wanda bai karanta Fatiha ba, kuma babu surar da musulmi zai maimaita a rayuwarsa kamarta. Amma wannan girman nata shi ya sa nake jinkirta ta kaɗan. Fatiha ba sura ce mai sauƙi a harshe ba. Akwai shadda goma sha ɗaya a cikinta, in an haɗa da Bisimilla su zama sha huɗu. Akwai aini, akwai ha ta maƙogwaro, akwai sodi da ɗa mai kauri da ƙafi da zali da gaini, ga kuma lodi a ƙarshe tare da doguwar madda. Kusan duk haruffan da ke ba wanda ba Balarabe ba wahala sun taru a ayoyi bakwai ɗin nan. Abin da yaro ya fara haddacewa da kuskure shi ya fi wuyar cirewa, kuma na sha zama da dattawa masu furfura muna gyaran Fatihar da suka ɗauka a karkace tun suna 'yan shekara huɗu. Sun maimaita ta sau dubbai a haka, harshe ya riga ya kwanta a kai.

Ƙulhuwa kuwa ayoyi huɗu ce, kalmomi goma sha biyar. Kowace aya tana fita a numfashi ɗaya na ƙaramin yaro, kuma dukkansu suna ƙarewa da sauti iri ɗaya: ahad, samad, yulad, ahad. Kunnen yaro yana son wannan, shi ne yake riƙe masa ayoyin a jere. Cikin mako ɗaya ko biyu za ta iya tsayawa gaban babanta ta karanta sura guda daga farko har ƙarshe. Kada ki raina wannan. Yarinyar da ta ɗanɗana daɗin "na iya" ita za ta zo da kanta gobe ta ce a ƙara mata.

Ma'anarta kuma ita ce abin da ya kamata ya fara shiga zuciya. Manzon Allah (SAW) ya ce tana daidai da sulusin Alƙur'ani. Ba sai kin yi mata tafsiri ba, jimla ɗaya ta isa: "Allah ɗaya ne, kowa yana buƙatarsa, shi ba ya buƙatar kowa, ba shi da uba, ba shi da ɗa, babu mai kama da shi." Yara a wannan shekarun sukan tambayi wa ya haifi Allah, ko ina babansa. Ran da ta yi miki wannan tambayar, amsar tana bakinta tuni, sai dai ki nuna mata.

Dalili na uku shi ne wanda na fi ba wa nauyi. Surar da yaro ba ya amfani da ita zubewa take yi. Ƙulhuwa da Falaƙi da Nasi suna da wurin zamansu a kowane dare. Nana A'isha ta ruwaito, a Bukhari, cewa Annabi (SAW) idan ya zo kwanciya yakan haɗa tafukansa ya tofa a ciki, ya karanta waɗannan surori uku, ya shafe abin da ya iya na jikinsa, yana farawa da kai da fuska da gaban jiki, sau uku. Yaro yana son abin da ake yi da hannu. Idan kika mayar da wannan al'adar kwanciyarku, kin samu tilawa sau uku kowane dare ba tare da ta san ana yi mata tilawa ba. Nan ma buƙatar kakarta ta biya, domin waɗannan su ne surorin neman tsari.

Ayatul Kursiyyu falalarta tabbatacciya ce, hadisin Abu Huraira a Bukhari ya nuna mai karanta ta lokacin kwanciya yana cikin kariyar Allah har gari ya waye. Sai dai aya ce guda mai kalmomi hamsin, ta fi Ƙulhuwa da Nasi a haɗe, kuma babu ƙarshen ayoyi a tsakiyarta da yaro zai dafa. Tana da wuraren zamewa biyu da na san su sarai. Yaro yakan kai "lahu ma fis samawati" sai ya faɗa "wal arda wa la ya'uduhu", ya tsallake tsakiyar gaba ɗaya saboda kalmar samawati ta zo sau biyu. Yakan kuma musanya "illa bi'iznihi" da "illa bima sha'a". A gaya wa kaka cikin ladabi cewa ba a ƙi maganarta ba. Za a riƙa karanta wa jikarta ita kowane dare, kuma bayan shekara guda tana ji, ran da aka zo haddar za a tarar rabin aikin ya riga ya yiwu.

Yadda zaman zai kasance

Aya ɗaya a rana ta isa, wani lokaci ma aya ɗaya a kwana biyu. Zama biyu, kowanne kada ya wuce minti biyar: ɗaya da safe bayan ta ci abinci ta wartsake, ɗaya lokacin kwanciya. Na safe shi ne na sabon karatu, na dare na maimaici ne kawai. Ba kya buƙatar Mus'hafi a hannunta, ba kya buƙatar ta san baƙi ko ɗaya. Da baki ake ba yaro karatu a wannan matakin, abin da malamai ke kira talƙini, kuma haka Alƙur'ani ya zo tun asali, daga baki zuwa kunne.

Ga yadda makon farko zai iya tafiya. Ranar farko ki zaunar da ita tana fuskantarki, ta yadda za ta ga leɓɓanki. Ki karanta surar duka sau uku a hankali tana saurare. Sannan ki ce "Ƙul huwallahu ahad", ki yi shiru, ta faɗa. Ku yi haka sau biyar zuwa bakwai, ki sallame ta tun tana marmari. Rana ta biyu ki fara da ta jiya. In ta kawo ta ba tare da kin ɗora ta ba, ki ƙara "Allahus samad", sannan ki haɗa mata biyun a jere sau uku. Wannan haɗin shi ne abin da iyaye suka fi mantawa. Yaro yakan iya kowace aya ita kaɗai, amma bai san wacce ke bin wacce ba, saboda ba a taɓa ɗinke masa bakin ayoyin ba. Rana ta uku "lam yalid wa lam yulad". A nan za ki ji ta ce "lam yalid wa lam yalid", ko ta fara da yulad. Ki raba mata gida biyu, ki ɗan ja wawun yulad don ta ji bambancin. Aya ta huɗu ta fi sauran tsawo, kuma tana farawa da "wa lam" irin wadda ke tsakiyar ta uku, don haka ki ba ta kwana biyu: "wa lam yakul lahu" yau, "kufuwan ahad" gobe. Sauran kwanakin makon kada ki ƙara komai, maimaici kawai.

Yadda za ki gane ta zauna: ki ce mata ta karanta a lokacin da ba na karatu ba, tana tsakiyar wasa, ba tare da kin ba ta kalmar farko ba. In ta kawo ta kwana uku a jere, ki wuce gaba. In sai kin ce "lam" sannan ta ce "yalid", ba ta zauna ba tukuna, ki ƙara mata kwanaki.

Na sa Nasi kafin Falaƙi saboda ayoyinta shida duk da sautin "nas" suke ƙarewa, kuma ukun farko gajeru ne ƙwarai. Falaƙi ayoyi biyar ce amma ta fi nauyi. Kalmar "sharri" ta zo sau huɗu, ayoyi uku a jere suna farawa da "wa min sharri", ga "naffasati fil uƙad" da ke karya harshen manya ma. A nan yatsu suna taimako: yatsa ɗaya na dare, ɗaya na masu tofi a ƙulle-ƙulle, ɗaya na mai hassada. Kuma ki sa ran ranar da za ta fara Falaƙi ta ƙare a Nasi, ta ce "min sharril waswasi" a wurin "min sharri ma khalaƙ". Kusan kowane yaro sai ya yi wannan. Maganinsa kada ki fara Falaƙi sai Nasi ta yi mako guda tana fita sumul. A lissafina surorin uku sukan ɗauki wata ɗaya da rabi zuwa biyu ga mai shekarunta. In ta ɗauki uku, babu abin da ya lalace.

Idan aka zo Fatiha

A lokacin ta yi wata biyu tana jin ta daga bakinki, da kuma a sallolin bayyane idan ana yi a gabanta. Ki karanta mata kina tsayawa a kan kowace aya, kamar yadda Ummu Salama ta siffanta karatun Annabi (SAW). Rabin farko ba ya ba da wahala. Aikin yana daga "iyyaka" zuwa ƙarshe.

An taɓa kawo mini wani yaro ɗan shekara biyar, iyayensa na murna ya iya Fatiha da surori goma. Da na saurare shi sai na ji yana cewa "siraɗal lazina an'amta alaihim walad dallin". Ya haɗiye "gairil magdubi alaihim" ɗungurum, saboda alaihim ta zo sau biyu, harshensa yana tsalle daga ta farko zuwa bayan ta biyu. Wata shida yana karantawa a haka ba wanda ya lura, don da sauri yake yi, mutanen gida kuma farkon da ƙarshen suke ji su ce masha Allah. Ban ce masa ya yi kuskure ba. Na ɗauko "gairil magdubi alaihim walad dallin" na ba shi ita kaɗai kamar sabon karatu, kwana huɗu ba ma taɓa farkon surar. Da ta zauna sai na ɗora masa "an'amta alaihim" a gabanta, sannan "siraɗal lazina", muna tafiya da baya gaɓa-gaɓa har muka haɗe da "ihdina". Sai da muka yi mako uku kafin tsohon tsallen ya daina dawowa, alhali da tun farko aka ba shi daidai, kwana uku sun isa. Tun daga nan nake roƙon iyaye su riƙa sa yaro ya karanta a hankali sau ɗaya a mako, su kuma su bi shi kalma-kalma da Mus'hafi a buɗe.

Ba kowane kuskure ne za ki tsaya a kansa ba. Wanda ya shafi wasali, ko shadda, ko faɗuwar kalma, ki gyara shi nan take, domin yana canza ma'ana kuma yaro yana iya gyara shi. "An'amta" ma'anarta ka yi ni'ima, Allah ake nufi. In ta ce "an'amtu" ya koma na yi ni'ima. Shaddar "iyyaka" ma kada ki bari ta faɗi. Amma wanda ya shafi mafitar harafi, kamar ta mayar da zali za, ko ainin "na'abudu" ya fita kamar alifi, ko ra ta ƙi kaɗawa, wannan ki faɗa mata daidai sau ɗaya ko biyu ki wuce. Harshen 'yar shekara huɗu bai gama nuna ba, kuma idan ta zo famfara wajen shekara shida, haruffan da ke buƙatar haƙoran gaba za su sake rikicewa na ɗan lokaci. In kika tsare ta a kan harafi ɗaya har ta yi kuka, harafin ba zai fito ba, gobe kuma za ta ɓuya in ta ga lokacin karatu ya yi. Idan kuwa kin lura ko a maganar yau da kullum akwai sautuka da yawa da ba ta iya fitarwa, ko sai an ɗaga murya take ji, wannan ya wuce fagena, a kai ta likita ya duba kunnenta.

Akwai abin da ya rataya a wuyanki ke kanki, kuma ina faɗa da girmamawa. Yarinya ba za ta wuce bakin da take ɗauka daga gare shi ba. Kafin ki fara, ki karanta waɗannan surori huɗu a gaban wata malama ko wani da ya iya tajwidi, ya saurare ki. Zama ɗaya ko biyu ya isa. Sauraron ƙira'ar masu karatun Alƙur'ani a waya yana da amfani, musamman irin wadda ake karanta aya a bar gurbi don mai koyo ya maimaita, amma waya ba ta jin kuskuren yaro balle ta gyara.

Ki kuma tsaya a ruwaya ɗaya. Ki bincika makarantar da za ta shiga da wacce suke karantarwa, Hafsu ko Warshu, ki bi ta tun yanzu, har da ƙira'ar da kike kunna mata. Bambancin yana nan tun a waɗannan surorin. Hafsu yana jan mimin "maliki yaumid din", Warshu ba ya ja. Hafsu yana cewa "kufuwan" da wawu, Warshu da hamza. Hafsu yana raba "ƙul a'uzu", Warshu yana ɗauke wasalin hamzar ya ɗora wa lamin, ya fita "ƙula'uzu". Dukansu karatu ne ingantacce daga Annabi (SAW), amma yarinyar da ke jin wannan da safe, wancan da dare, za ta gauraya su, ranar farko a makaranta kuma a ce mata abin da mamanta ta koya mata ba daidai ba ne.

Iyaye mata sukan tambaye ni kwanakin da ba sa salla. A mazhabar Malikiyya mai haila tana iya karanta Alƙur'ani da ka, wasu mazhabobin sun hana. In kin bi masu hanawa, mahaifinta ya karɓi zaman a waɗannan kwanakin, kada a yanke. Ita yarinyar ba a buƙatar ta yi alwala don karatu da ka.

Bayan waɗannan huɗun

Sai ki bi jerin Mus'hafi kina yin sama: Tabbat, Iza ja'a, da sauransu. Abu ɗaya nake yi wanda wasu abokan aikina ba sa yi, shi ne ina tsallake Ƙul ya ayyuhal kafiruna in ba yaro Kausara da Wal'asri da Li'ilafi tukuna, sannan mu dawo mata. Ayoyinta na tsakiya suna kama da juna sosai, aya ta uku da ta biyar ma lafazinsu ɗaya ne, sai yaro ya yi ta zagaye a ciki ya rasa mafita. Idan makarantarta ba ta tsallakewa, ki bi tsarinsu, sai dai ki ba surar ninkin kwanakin da kike ba sauran. Kuma duk ranar da za ki ƙara sabuwar aya, a fara da karanta tsofaffin surorin gaba ɗaya, tunda a wannan matakin duka-duka ba za su ci minti uku ba. Daga nan zuwa cikarta shekara biyar, in ta riƙe Fatiha da surori takwas ko goma da kyau, kuma har yanzu ita ke tuna miki in kin manta da zaman dare, to ki fara mata Ayatul Kursiyyu, gaɓa ɗaya a kwana biyu, ki tsaya mata sosai a kan samawati ta farko da ta biyu.

Allah ne mafi sani.